Yadda ake amfani da kwaroron roba na mata, diyafram da maganin kashe maniyyi

Matan da suke zuwa sashen tazarar haihuwa a Kano, ko a Asibitin Murtala ne ko a ƙananan asibitocin unguwanni, yawancinsu allura suke tambaya, ko ƙwaya, ko ashanar hannu, ko robar mahaifa. Amma kullum ba a rasa wadda za ta ce allura ta rikita mata jini har ta rasa gane ranakun sallarta, ko wadda maigidanta yake aiki a Abuja sai ƙarshen wata yake zuwa, ba ta ga dalilin shan ƙwaya kowace rana ba. Irin waɗannan ne suka fi buƙatar sanin hanyoyi ukun nan. Dukkansu a hannun mace suke, ba sa taɓa al'ada, ba sa taɓa ruwan nono, kuma ranar da kika daina ranar za ki iya ɗaukar ciki. Aikinsu ɗaya ne, tare maniyyi ko kashe shi kafin ya kai bakin mahaifa. Rauninsu ma ɗaya ne: daren da ba ki saka ba, ko kika saka a karkace, ba ki da wata kariya.

Kafin mu shiga yadda ake yi, ga yadda ake auna ingancin kowace hanya. Ana ɗaukar mata 100 da suke amfani da ita shekara guda, a ƙirga nawa ne suka sami ciki. Idan ba a amfani da komai, kusan 85 ne suke ɗauka. Ashanar hannu da robar mahaifa ba sa kai mace 1. Sannan kowace hanya tana da lissafi biyu, na waɗanda ba sa kuskure ko sau ɗaya, da na yadda mutane suka saba yi da mantuwarsu da gaggawarsu. Na biyun ne ya kamata ki riƙe, domin shi ne gaskiyar zaman gida.

Kwaroron roba na mata

Wanda aka fi samu a asibitocinmu shi ne mai suna FC2 a jikin ledarsa. Jaka ce mai laushi, tsawonta kusan santimita 17, an yi ta da robar naitiril, kuma tana zuwa da man santsi a jikinta. Tana da zobe biyu. Ɗaya yana yawo a can ƙasan jakar inda take a rufe, shi ne yake shiga ciki ya riƙe ta. Ɗayan yana bakin jakar, shi yake zama a waje ya rufe leɓɓan gaba.

Ki fara da ledar. Ki duba ranar ƙarewar aiki, ki duba ko ta huje. Ki ɗan murza ta tsakanin tafin hannuwanki don man ya bazu, sannan ki yage ta daga inda aka yi 'yar tsaga a gefe. Kada ki sa haƙori ko almakashi. Hannu a wanke da sabulu, kuma mai dogon farce ko zobe mai kaifi ta yi hattara.

Ki zaɓi yanayin da ya fi miki sauƙi: tsugunne, ko ƙafa ɗaya a kan bakin gado, ko kwance kin ɗaga gwiwoyi. Ki riƙe jakar bakinta yana kallon ƙasa, ki matse zoben ciki da babban yatsa da na tsakiya har ya zama siriri. Da ɗaya hannun ki buɗe gaba, ki tura zoben ciki. Da ya shige, sai ki zura manuniya a cikin jakar ki ci gaba da tura zoben har ya wuce ƙashin mara, iya inda yatsanki ya kai. Alamar ya zauna daidai ita ce ki daina jin sa. Idan kina jin yana tokarinki, bai yi nisa ba, ki ƙara turawa. Abin da zai rage a waje santimita 2 zuwa 3 ne tare da zoben waje, kuma ki shafa ki tabbatar jakar ba ta murɗe ba.

Ana iya saka shi tun awa 8 kafin saduwa, don haka ba sai an katse komai ba. Ina ba kowa shawarar ta gwada shi ita kaɗai da rana, ba ranar buƙata ba, domin zoben yana da santsi, karon farko yakan suɓuce daga yatsu, kuma mace da yawa daga nan suke yanke hukuncin ba za su iya ba.

Inda ake samun matsala ba wajen sakawa ba ne, wajen shigar namiji ne. Dole ki riƙe zoben waje da yatsu biyu, ke ko shi a jagoranci azzakari ya shiga tsakiyar jakar. Idan aka bar shi, yana iya bi ta gefe, tsakanin jakar da jikinki, ku gama kuna zaton da kariya alhali babu. Matsala ta biyu ita ce zoben waje ya bi shi ya shige ciki. Duk wadda ta faru, a dakata, ya fita, ki ciro wannan ki saka sabo. Kada a ce ai bai kawo ba tukuna, domin maziyyi ma yana iya ɗauke da ƙwayoyin haihuwa.

Abin da yake sa zoben waje ya shige ciki yawanci bushewa ce. A nan ne kayan matsi suke ɓata aiki. Duk abin da ake cusawa don ya tsuke ko ya busar da gaba yana sa jakar ta manne wa namiji maimakon ta zauna a jikinki, sai ta riƙa bin sa ciki da waje. Maganin wannan, da na ƙarar da robar takan yi, ƙarin man santsi ne a cikin jakar ko a jikin maigida. Robar naitiril tana jure mai kowane iri, amma akwai kwaroron mata da aka yi da lateks, shi kuma basilin da man gyaɗa da man shafawa suna cinye shi. Idan ba ki tabbatar da irin wanda yake hannunki ba, ki tsaya ga man santsi na ruwa da ake sayarwa a kemis. Kuma ba a haɗa na mace da na namiji a lokaci guda. Wasu suna ganin ninki biyu ne na kariya, alhali gugar juna suke yi har ɗaya ya yage ko ya zame.

Bayan an gama, ba dole ne maigida ya fita nan take ba. Ke dai kada ki miƙe tsaye da kwaroron a jikinki. Kina kwance ki kama zoben waje, ki murɗa shi sau biyu ko uku don maniyyin ya kulle a ciki, ki ja a hankali. Ki naɗe shi a leda ki jefa a masai na rami ko a shara inda yara ba za su tona ba. Ban da masai na ruwa, yana toshe shi. Sau ɗaya ake amfani da kowane guda.

Ingancinsa: cikin mata 100, kusan 5 ne suke samun ciki a shekara idan ba a kuskure, kusan 21 kuma a yadda aka saba. Tazarar da ke tsakanin 5 da 21 ɗin nan ba ta robar ba ce, ta dararen da aka ce bari yau dai a ƙyale ne, da shiga ta gefe. Cikin hanyoyi ukun, shi kaɗai ne yake kare mace daga cutar ƙanjamau da sauran cututtukan saduwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa na fifita shi ga wadda take da wani shakku a ranta.

Diyafram

Shi wannan ɗan ƙoƙo ne na roba mai laushi, bakinsa yana lanƙwasuwa, ana tura shi ciki ya rufe bakin mahaifa. Ba shi kaɗai yake aiki ba, sai da maganin shafawa a cikinsa. Na da yana zuwa girma-girma, sai ma'aikaciyar lafiya ta auna mace ta zaɓa mata. Na yanzu mai suna Caya, wanda aka yi da silikon, girma ɗaya ne da yake dacewa da yawancin mata, kuma guda ɗaya yana kai shekara 2. Ba a samun diyafram a kowane kemis a Kano, sai an tambaya a sashen tazarar haihuwa ko manyan shagunan magani. Kafin ki saya, ki tabbatar za ki riƙa samun maganin shafawarsa, domin ƙoƙon ba magani rabin aiki ne.

Ko mai girma ɗayan ne, ki bari unguwarzoma ta duba ki karon farko. Mace da ta haihu da yawa har mahaifa ta ɗan zazzago, ƙoƙon ba zai sami wurin kamawa ba. Mai jego kuma sai ta cika mako 6, wato bayan arba'in da kwana biyu, lokacin da bakin mahaifa ya koma yadda yake. Wadda take da na awo, za a sake auna ta bayan kowace haihuwa, ko ɓarin cikin da ya wuce wata uku, ko idan ta yi ƙiba ko rama sosai.

Ga yadda ake sakawa. Ki yi fitsari tukuna, ki wanke hannu. Ki ɗaga ƙoƙon ki haska shi a fitila ki ga ko akwai huji ko tsagewa. Ki matsa maganin kamar cikin cokalin shayi ɗaya a cikinsa, ki ɗan shafa a kewayen bakinsa. Ki matse gefe da gefe ya ninke, ɓangaren da maganin yake yana kallon sama. Ki tura shi ciki, ba sama kai tsaye ba, wajen baya, ta ɓangaren ƙugu, har ya ƙure. Sannan da yatsa ɗaya ki ɗaga bakinsa na gaba ki maƙale shi a bayan ƙashin mara.

Saura mataki ɗaya da mata suka fi tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci. Ki zura yatsa ki lalubo bakin mahaifa ta cikin robar. Za ki ji wani ɗan tudu mai ɗan tauri kamar kan hanci. Idan kin ji shi a lulluɓe da roba, ya zauna. Idan yatsanki ya taɓa shi tsirara, ƙoƙon ya tsaya a gabansa bai rufe shi ba, ki ciro ki ƙara magani ki sake. Ki yi 'yan taku a ɗaki, ki tsuguna. Wanda ya zauna daidai ba a jin sa.

Dokokin lokaci uku ne. Idan awa 2 ta wuce da sakawa ba a sadu ba, ki ƙara magani a cikin farji ba tare da kin ciro ƙoƙon ba. Bayan saduwa ta ƙarshe, ya zauna aƙalla awa 6. Kuma jimillar zamansa kada ta wuce awa 24.

Mu ɗauki misalin mace mai shayarwa a Kurna, ta cika mako 6 da haihuwa, suna girki kwana bibbiyu da abokiyar zamanta. Daren farko ta saka diyafram da ƙarfe 9:30, aka sadu da 10:30. Lissafinta zai kai 4:30 na asuba, don haka za ta iya cirewa kafin kiran sallah, ba wata damuwa. To amma a ce maigida ya sake nema da ƙarfe 2:00. Ba za ta cire ba. Za ta cika bututun tura magani ta ƙara a ciki, a saman ƙoƙon da yake zaune, kuma lissafin ya koma sabo daga 2:00, wato sai 8:00 na safe. Ga asuba ta zo a tsakiya, ga wankan janaba.

A nan ne tambayar take fitowa kusan kullum: “Sista, to ya zan yi da wanka? Da abin a jikina zan yi sallah?” Amsar ita ce, “Hajiya, yi wankanki ki yi sallarki.” Abin da wanka ya wajabta a wanke shi ne abin da yake bayyana na gaba idan mace ta tsuguna, ba can ciki ba. Abin da zai ɓata mata kariya shi ne al'adar zura yatsa da ruwa, ko ruwan ɗumi da sabulu, a ƙwaƙule ciki da sunan tsafta. Wannan yana wanke maganin, yana iya gusar da ƙoƙon, alhali akwai sauran maniyyi mai rai a wurin. Haka zama cikin ruwan bagaruwa ko cusa miski, duk su jira awa shidan ta cika.

Da ƙarfe 8:00 ta yi, sai ta tsuguna, ta zura yatsa ta saƙalo bakin ƙoƙon na gaba daga bayan ƙashin mara, ta ja ƙasa a hankali. Caya yana da ɗan lotsawa a gaba da aka yi don yatsa ya kama. Ta wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi, ta bar shi ya sha iska, ta mayar gidansa. Ba hoda, ba turare, ba tafasasshen ruwa, ba shanya a rana. Da dare ta sake sakawa da sabon magani. Kuskuren da irin wannan tsarin girki yake jawowa shi ne a ce tunda gobe ma nawa ne, bari kawai ya kwana biyu. Wuce awa 24 yana kawo wari da ƙaiƙayi, kuma yana buɗe ƙofa ga wata cuta mai tsanani, duk da ba kasafai take faruwa ba, inda gubar ƙwayoyin cuta take shiga jini. Alamunta zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa, jiri da jan ƙurji a fata. Wadda ta ga haka ta cire ƙoƙon ta tafi asibiti nan take. Saboda wannan dalilin ne ma ba a saka shi lokacin al'ada.

Matsalar da ta fi yawa ita ce sanyin mafitsara, domin bakin ƙoƙon yana danne hanyar fitsari. Yin fitsari kafin saduwa da bayanta yana ragewa. Idan zafin fitsari yana ta dawowa, ko ƙoƙon ya yi miki girma ne ko hanyar ba taki ba ce.

Ingancinsa a yadda aka saba amfani da shi: mata 12 zuwa 17 cikin 100 suna samun ciki a shekara, tsofaffin alƙaluma suna ba da na farkon, sababbi na biyun. Ba ya kare ƙanjamau.

Maganin kashe maniyyi shi kaɗai

Yana zuwa a ƙwaya mai kumfa da ake cusawa, ko mai narkewa, ko 'yar siririyar takarda mai narkewa, ko kirim, ko kumfa. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsu shi ne nonoksinol-9, wani lokaci a jikin kwali a rubuta N-9. Yana fasa fatar ƙwayar maniyyi ne ta kasa motsi.

Ƙwaya da takarda suna buƙatar lokacin narkewa. Kina kwance ki tura da yatsa can ciki kusa da bakin mahaifa, ki jira aƙalla minti 10, wasu kwalayen suna cewa 15, ki bi abin da naki ya ce. Takardar a ninka ta biyu, kuma yatsa ya zama busasshe ƙarau, in ba haka ba a yatsan za ta manne. Kirim da kumfa kuwa, da bututu ake tura su, suna fara aiki nan take. Kowanne ne, idan awa 1 ta wuce ba a sadu ba ƙarfinsa ya tafi, sai an sake. Kowace saduwa da nata sabon magani, kuma dokar awa 6 ba wankin ciki tana nan. Ki kula da wurin ajiya: zafin Kano na watan Afrilu yana narkar da masu narkewar tun suna cikin leda, kada ki bar su a jaka cikin mota ko kusa da taga.

Shi kaɗai yana cikin mafi raunin hanyoyin tazarar haihuwa. Mata 21 zuwa 28 cikin 100 suna samun ciki a shekara a yadda aka saba, kuma ko an kiyaye komai adadin bai sauka ƙasa da 16 ba. Ga wani abu da ya fi wannan nauyi. Yawan amfani da nonoksinol-9, kamar sau biyu a rana ko fiye, yana ƙuje fatar cikin farji ya bar ƙananan raunuka da ido ba ya gani, waɗanda ƙwayar ƙanjamau take samun hanya ta cikinsu. Don haka wadda take cikin haɗarin kamuwa, misali mijinta yana ɗauke da cutar ko ba ta amince da inda yake zuwa ba, wannan maganin ba nata ba ne, haka diyafram da ake shafa masa shi. Wadda take ɗauke da cutar ma ana ba ta shawarar wata hanyar. Ɗan ɗumi bayan an saka ƙwaya mai kumfa ba komai ba ne, amma raɗaɗi ko ƙaiƙayi a gare ki ko a gare shi alama ce ta jiki bai karɓa ba, a daina. A ganina amfaninsa na gaskiya shi ne a matsayin abokin diyafram, ko na 'yan kwanaki kafin mace ta samu zuwa asibiti.

Wa ya dace da su, kuma idan an yi kuskure fa?

Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: idan ciki ya shiga bana, me zai faru? Idan amsar ita ce za ki so a ce an ƙara shekara amma ba wani abu, hanyoyin nan za su iya yi miki. Idan kuwa an yi miki tiyata a haihuwar da ta wuce, ko kin yi jijjiga, ko zuciya ta kumbura bayan haihuwa, ko kina da sikila likita ya ce ki huta, mace 1 cikin 5 ko 6 a shekara ba ƙaramin haɗari ba ne. Ki nemi ashanar hannu ko robar mahaifa, wadda ta jan ƙarfe ma ba ta da sinadarin da ke cikin allura da ƙwaya, sai ki ƙara da kwaroron roba idan kina son kariya daga cuta.

Kuskure kuma zai faru: azzakari ya bi ta gefen jakar, jakar ta zube wajen cirewa, kin laluba da safe kin ji ƙoƙon bai rufe bakin mahaifa ba, ko kin cire ƙoƙon da awa uku. Kada ki ɓata lokaci da wankin ciki ko jiƙe-jiƙe, maniyyi yana wuce bakin mahaifa cikin mintuna. Ki sha ƙwayar gaggawa irin Postinor-2 da wuri, ta fi aiki a cikin awa 72, kuma kowace awa da kika rage tana da amfani. Robar mahaifa ta jan ƙarfe idan aka saka ta cikin kwana 5 ta fi ƙwayar ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan abin da kike tsoro ƙanjamau ne, akwai maganin kariya da ake farawa kafin awa 72 ta cika a sha kwana 28, ana samun sa a asibitocin da suke kula da masu cutar. Bayan ƙwayar gaggawa al'ada tana iya zuwa da wuri ko ta ɗan makara. Idan ta wuce lokacinta da mako guda, ko kina shayarwa ba ta dawo ba tukuna, ki yi gwajin ciki mako uku bayan daren da abin ya faru.